Will, going to da sigar -ing: tambayoyi da amsoshi kan maganar abin da ke tafe a Turanci

Masu koyon Turanci kan yi ta maimaita waɗannan tambayoyi da zarar sun gano cewa "zan tafi" guda ɗaya tana iya fitowa da siga uku. An jera tambayoyin daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Me ya sa Turanci ke da hanyoyi uku na faɗin abu ɗaya?

Ba abu ɗaya suke faɗi ba. A Hausa kana iya cewa "zan ga likita" ko yanzu tunanin ya zo maka, ko tun jiya ka ƙudura, ko ma an riga an ba ka lokaci a asibiti. Mai sauraro yana gane wacce kake nufi daga sauran zancen. Turanci kuwa yana son a nuna wannan bambanci a jikin aikatau. *I'll see a doctor* na nuna yanzu ka yanke shawara. *I'm going to see a doctor* na nuna dama niyyar tana ranka. *I'm seeing a doctor on Monday* na nuna an tsayar da magana, likitan ma ya san da zuwanka.

Saboda haka abin dubawa shi ne halin da mai magana yake ciki a daidai lokacin da ya buɗe baki: yaushe ya yanke shawarar, me yake gani a gabansa, kuma shirin ya kai ina. Sauran amsoshin duk a kan wannan suke.

2. Yaya ake gina kowace siga?

Bayan *will* aikatau yana zuwa tsiraransa, babu *to*, babu *-s*, babu *-ing*, kuma *will* ba ta canzawa ko wane ne mai aikin: *I will go, she will go, they will go*. A magana kusan kullum ana taƙaita ta zuwa *'ll*, korewarta kuma *won't* ce. Idan tambaya ce, sai *will* ta koma farko: *Will she go?* A gajeriyar amsa mai farawa da *Yes* ba a taƙaitawa, *Yes, I will* ake cewa, *Yes, I'll* kuskure ne.

*Going to* ba ta tsayawa ita kaɗai. Dole *am*, *is* ko *are* ta gabace ta, sannan aikatau tsiraransa ya biyo: *She is going to study*. Sigar *-ing*, wadda littattafai ke kira *present continuous*, ita ma da *am*, *is* ko *are* take farawa, sai aikatau mai *-ing*: *She is studying tonight*. A duka biyun *not* tana zuwa ne bayan *am*, *is* ko *are*.

Kurakuran da aka fi gani a nan su ne haɗa siga biyu a wuri guda, kamar *I will going*, da yar da *am* a ce *I going to*, da cusa *to* bayan *will*. Akwai kuma *will can*, wadda sam ba ta yiwuwa, domin *will* da *can* ba sa zama tare. *I will be able to come* ake cewa.

3. An koya mini cewa going to ta abin da ke kusa ce, will kuma ta abin da ke nesa. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan ƙa'ida ta ɓatar da ɗalibai da yawa. Ɗan shekara 8 yana iya cewa *I'm going to be a pilot when I grow up*, alhali abin sai nan da shekaru masu yawa. Wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa kuma zai ce *I'll open it*, ya buɗe nan take. Nisan lokaci ba ya zaɓa maka siga.

4. Mene ne shawarar nan take, kuma me ya sa take ɗaukar will?

Ita ce shawarar da ta zo maka a daidai lokacin da kake magana, galibi saboda wani abu da ka ji ko ka gani yanzu. Waya ta yi ƙara, sai ka ce *I'll answer it*. Wani ya ce kayansa sun yi nauyi, sai ka ce *I'll help you*. Kafin wannan daƙiƙar babu abin a ranka.

Hausa tana da ma'auni mai kyau na gane wannan. Idan "bari in…" ta dace a wurin, to *will* ce. "Bari in ɗauka", "bari in kira shi mu ji", "bari in rufe tagar" duk suna fitowa da *I'll*. Idan kuma abin da ya dace shi ne "ai dama zan…", to ka shiga hurumin *going to*, wanda tambaya ta 5 ta yi bayaninsa. Shi ya sa *I think I'll…* take yawan fitowa a bakin mai yanke shawara yana cikin magana: *I'm tired. I think I'll go to bed.*

A ƙarƙashin wannan ne alkawari da tayin taimako da barazana suke shigowa, domin duk a furucin ne mutum yake ɗaure kansa: *I'll pay you back on Friday*, *I won't tell anyone*. Mai Hausa yana yawan faɗawa wani rami a nan, ya ce *I help you* ko *I call you later* babu *will*. Bature zai gane, amma jimlar ta karye.

5. Yaushe going to take nuna niyya?

Idan an riga an yanke shawarar kafin a fara wannan zancen, ko da minti 5 ne. Ba sai an yi wani shiri a zahiri ba, ya isa a ce mutum ya ƙudura a ransa. *I'm going to learn to drive* na nufin niyya ta tabbata, ko da bai nemi mai koyarwa ba tukuna.

Ga inda kuskure yake canza ma'ana. Wani ya gan ka da guga da tsumma, ya tambaye ka me za ka yi. Idan ka ce *I'll wash the car*, kamar tambayarsa ce ta sa ka tuna da motar, alhali gugan da ke hannunka ya nuna tun ɗazu ka shirya. *I'm going to wash the car* ce daidai. Amma idan ya ce maka motar ta yi datti kai ba ka lura ba, amsar ita ce *I'll wash it*.

6. To mene ne bambancin going to da sigar -ing, tunda duk shiri ne?

A nan ne sigogin biyu suka fi kusantar juna, kuma sau da yawa kowacce ka ɗauka ba ka yi laifi ba. *I'm meeting him tomorrow* da *I'm going to meet him tomorrow* duk Turanci ne mai kyau. Bambancin shi ne inda shirin yake zaune. Da *going to*, yana cikin ranka. Da sigar *-ing*, ya fita daga ranka ya shiga duniya: an sa lokaci, an zaɓi wuri, an sayi tikiti, wani mutum daban ya sani kuma yana jira. Abin da Hausa za ta ce "mun riga mun yi da shi" ko "an tsayar da rana".

Wannan ne dalilin da ya sa sigar *-ing* ta fi tafiya da aikatau na zirga-zirga da haɗuwa, irin su *meet, see, leave, fly, come, have, play*. Kuma ba ta daɗin ji idan abin buri ne da ba a iya rubuta masa rana. *I'm going to be rich one day* daidai ce, *I'm being rich one day* kuwa ba ta da ma'ana. Haka nan aikatau masu nuna hali ko sani, kamar *know, understand, belong*, ba sa ɗaukar *-ing* don nuna gaba: *You'll know the result on Monday* ake cewa.

Akwai wani sharaɗi da ake mantawa. Asalin aikin sigar *-ing* shi ne nuna abin da ake cikin yi yanzu, don haka idan ana son ta nuna gaba sai an sa kalmar lokaci, ko zancen da ya gabata ya bayyana lokacin. *I'm working* kaɗai na nufin ina aiki yanzu. *I'm working on Saturday* ita ce ta gaba. Hausa ma tana yin irin wannan a "ina nan zuwa gobe", inda "gobe" ce ta ture maganar gaba.

7. Za a iya nuna duka ukun a kan al'amari guda?

A ɗauka da ƙarfe 9 na safe wata abokiyar aiki ta ce maka malaminku na dā yana kwance a asibiti. Ba ka sani ba sai yanzu, saboda haka amsarka ita ce: *Oh, I didn't know. I'll visit him.* Shawarar ta faɗo ne tare da labarin.

Da ƙarfe 12 wani ya tambaye ka ko ka ji labarin. Yanzu shawarar ta kai awa 3 a ranka, amma ba ka kira kowa ba, ba ka san lokacin ziyara ba. Sai ka ce: *Yes, I heard. I'm going to visit him.* Idan ka maimaita *I'll visit him* a nan, zai ji kamar shi ne ya zaburar da kai.

Da ƙarfe 4 ka kira iyalansa, sun ce ka zo gobe ƙarfe 5 na yamma. Can sai wani ya nemi ku haɗu gobe a daidai wannan lokaci. Amsarka: *I can't. I'm visiting my old teacher at five.* Wannan sigar ce take gaya masa cewa lokacin ya riga ya kamu, ba wai ka fi son wani abu ba ne. Idan kuma ya tambayi jikin malamin, kai ba ka gan shi ba tukuna, sai ka ce *I think he'll be fine*, wanda hasashe ne daga zato, kamar yadda tambaya ta 8 ta bayyana. Ziyarar ba ta canza ba tun safe. Abin da ya yi ta canzawa shi ne matakin da shirin ya kai.

8. A hasashe fa, will ce ko going to?

Ka duba daga ina hasashen ya fito. Idan daga abin da kake gani ko kake ji yanzu ne, wato dalilin ya riga ya fara aiki a gabanka, *going to* ce. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin: *It's going to rain*. Yaro yana gudu a kan katanga yana tangal-tangal: *He's going to fall*. Agogo ya nuna 7:55, taro ƙarfe 8 ne, tafiyar kuma ta minti 20 ce: *We're going to be late*. A Hausa a nan ne muke cewa "ga alama" ko "ga shi nan zai faɗi".

Idan kuwa daga ra'ayi ne, ko sanin halin mutum, ko abin da aka saba gani, *will* ce ta fi dacewa. *You'll enjoy this book* ta fito ne daga sanin da na yi maka. *She'll be late, she always is* ta fito daga sanin halinta. Shi ya sa *will* take yawan bin *I think, I'm sure, I expect, perhaps* da *probably*. Haka kuma abin da lissafi ya tabbatar, wanda babu niyyar kowa a ciki, ya fi zuwa da *will*: wanda yake da shekara 29 zai ce *I'll be 30 next year*.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa iyakar nan ba katanga ba ce. A hasashe na gama-gari, kamar wa zai ci wasan gobe, *they'll win* da *they're going to win* duk suna tafiya. Inda zaɓin ya zama dole shi ne lokacin da hujjar take gaban ido kuma abin ya kusa aukuwa. Wanda ya ga tsani yana zamewa ba ya cewa *it will fall*.

9. Zan iya yin hasashe da sigar -ing?

A'a. Wannan sigar ta abin da mutane suka tsara ce, kamar yadda aka gani a tambaya ta 6, kuma babu mai tsara ruwan sama ko rashin lafiya. *It's raining tomorrow* da *He's falling ill next week* duk ba su yi ba. Duba waɗannan biyun: *We're playing on Saturday* daidai ce domin an sa ranar wasan, amma *We're winning on Saturday* ba hasashe ba ne na yau da kullum, domin nasara ba a sa mata hannu tun kafin wasa. *We're going to win* ko *we'll win* ake cewa.

10. Ina ake sa probably, kuma yaya ake kore hasashe?

*Probably* da *definitely* suna zuwa bayan *will*, amma gaban *won't*: *She'll probably come*, sai kuma *She probably won't come*. Idan hasashen ya fara da *I think*, Turanci ya fi son korewar ta hau kan *think* ɗin: *I don't think it will work* ta fi *I think it won't work* sabawa a kunne. Mai Hausa yana da sauƙi a nan, domin shi ma "ba na jin zai yi" yake cewa.

11. Me ya sa aka ce "when I will arrive" kuskure ne, alhali isowar a gaba take?

Domin a sashen jimla da ya fara da *when, if, as soon as, before, after, until* ko *unless*, Turanci yana amfani da sigar yanzu ko da maganar ta gaba ce. *Will* tana zama ne a babban sashen kaɗai: *I'll call you when I arrive*, *If it rains, we'll stay at home*. Hausa ma ba ta sa "za" a irin wannan wuri. Muna cewa "zan kira ka idan na isa", ba mu cewa "idan zan isa". Wanda ya bi kunnensa na Hausa a nan ba zai ɓata ba.

Sai dai a lura da wuri biyu. Na farko, idan *when* ko *if* ba sharaɗi ko lokaci take kafawa ba, tambaya ce a fakaice, to *will* tana dawowa: *I don't know when he will arrive*, *I wonder if she'll come*. Hausa ta sake taimakawa, domin a nan "ban san lokacin da zai iso ba" muke cewa, da "za" ɗinta. Na biyu, akwai *will* mai ma'anar yarda, wadda take shiga bayan *if* a roƙo na ladabi: *If you'll wait here, I'll get the manager*, wato idan za ka yarda ka jira.

12. Idan zan tambayi mutum shirinsa, wacce zan ɗauka?

A tambaya ne kuskuren siga ya fi jawo rashin fahimta. *Will you open the window?* roƙo ne, kana neman ya buɗe. Don haka wanda ya ce wa abokinsa *Will you come tonight?* da niyyar jin shirinsa kawai, abokin yana iya ɗauka gayyata ce ko matsin lamba. Idan labari kawai kake nema, *Are you coming tonight?* ta fi. *What are you doing this weekend?* ita ce tambayar da aka saba yi kan shirin mutum, kuma sau da yawa sharar fage ce kafin gayyata, kamar *Are you doing anything on Friday?*

*Are you going to…?* tana tambayar niyya, kuma a wasu wurare tana ɗauke da ƙosawa. Uwar da ta ce wa ɗanta *Are you going to clean your room?* ba jadawalinsa take son sani ba. Idan kai ne kake tayin yin wani abu ko kake kawo shawara da *I* ko *we*, tambayar da *shall* ake yin ta, musamman a Turancin Birtaniya: *Shall I carry it?*, *Shall we go?* Idan ka ce *Will I carry it?* ka koma tambayar abin da zai faru da kai ne.

13. Won't kullum korewar gaba ce?

Ba kullum ba. Tana kuma nufin ƙi, kuma a wannan ma'anar maganar ta yanzu ce. *He won't listen* na nufin ya ƙi ji. Har abin da ba shi da rai ana faɗa masa haka: *The car won't start*, daidai da "motar ta ƙi tashi". Saboda haka idan aka gayyace ka wani taro ba za ka samu zuwa ba, *I won't come* tana iya fitowa da kaushi, kamar ka ƙi ne da gangan. *I can't come* ko *I won't be able to come* sun fi laushi.

14. Na ga an rubuta "The train leaves at six". Ina will ɗin ta shiga?

Wannan siga ce ta huɗu, ta jadawali. Abin da wata hukuma ko makaranta ko kamfanin sufuri ya tsayar a rubuce, kamar tashin jirgi da fara zangon karatu da buɗe ofis, yana zuwa da sigar yanzu mai sauƙi: *The exam starts at nine*. Bambancinta da sigar *-ing* ta tambaya ta 6 shi ne, waccan shirinka ne kai da wani, wannan kuwa tsari ne da bai dogara da kai ba. Suna iya haɗuwa a numfashi ɗaya: *I'm leaving tomorrow. My train leaves at six.*

15. "Going to go" da "gonna" daidai ne?

*I'm going to go to the library* ba kuskure ba ce, sai dai mutane da yawa suna gajarta ta zuwa *I'm going to the library* don guje wa maimaici. A lura cewa a ta biyun *to* ɗin wuri take nunawa, saboda haka sigar *-ing* ce ta aikatau *go*. Abin da ya biyo bayan *to* ne yake raba su: idan aikatau ne, *going to* ce ta niyya, idan suna ne, tafiya ce ta zahiri.

*Gonna* kuwa yadda ake furta *going to* ne a magana mai sauri. Ana jin ta ko'ina, amma ba a rubuta ta a jarrabawa ko wasiƙar aiki. Tana maye gurbin *going to* ta gaban aikatau ne kaɗai: *I'm gonna leave* ana faɗa, *I'm gonna the library* ba a faɗa.

16. Idan niyyar ta wuce ba a cika ta ba fa?

Sai a mayar da *am, is, are* zuwa *was* ko *were*: *I was going to call you, but my phone died*, wato "dā zan kira ka, sai wayata ta mutu". Wannan sigar galibi tana nuna abin bai faru ba, shi ya sa *but* take yawan biyo ta. Ita *will* kuma tana komawa *would* idan ana ba da labarin abin da wani ya faɗa a baya. Wanda ya ce *I'll help* ranar Litinin, idan ana labarinsa ranar Laraba sai a ce *He said he would help*.